Ejan ɗin da ya sabunta min fasfo a Landan: ya fisshe ni, ya kuma bar ni a rana

Yanzu da na dawo gida Kubwa hankalina ya kwanta, bari in faɗi yadda muka kwashe da mutumin nan da ɗalibanmu na Ingila suke ta yabo.

Na yi niyyar zuwa Abuja in ɗauki Hajiyarmu mu tafi Umara ranar 10 ga Maris. Fasfona zai mutu 20 ga Agusta. A Janairu na ƙirga da yatsu, na ga saura wata bakwai da 'yan kwanaki, na ce lafiya lau. Tikiti kawai na kira shi ya nema min, sai ya ce, "Yallaɓai, karanto min ranar mutuwar fasfonka." Da na karanto sai ya yi dariya. Ashe Saudiyya wata shida take so, kuma ba daga ranar da kake zaune a ɗaki kana lissafi ake ƙirgawa ba, daga ranar da za ka shiga ƙasar ne. Ni kuwa ran nan wata biyar da kwana goma za su rage min. Kwana ashirin kacal, amma sun isa a hana ni biza. Ni dokar ƙasashen Schengen ce a kaina, inda wata uku bayan ranar fitarka ya wadatar, na ɗauka ko'ina haka ne.

Nan kam ya burge ni. Kafin ya cike fom sai da ya jera sunana na NIN da na tsohon fasfo ya bi su harafi-harafi, don "Muhammad" da "Mohammed" kaɗai kan tsayar da aiki. Ya ba ni shawarar mai shafi 64 na shekara goma maimakon mai shafi 32 na shekara biyar. Fasfo ya fito, muka yi Umararmu, Hajiya har addu'a ta yi masa a Harami.

To amma wallahi in na tuna ranar komawata sai raina ya ɓaci. Izinin zamana a Birtaniya eVisa ne, ba sitika ba, yana ɗaure da lambar fasfo a asusun UKVI, wato hukumar biza ta ƙasar. Sabon fasfo kuwa sabuwar lamba ce. Bawan Allahn nan bai ce min in shiga in sauya ba, alhali kuɗin "cikakken aiki" ya karɓa. A filin jirgin Abuja ma'aikaciyar kantar jirgi ta duba kwamfuta ta ce ba ta ga izinina ba. Na koma gefe da akwatuna, gumi na keto min, ƙanena yana riƙe min tsohon fasfon da aka soke, ina ta fama da waya ina neman share code, lambar da ake tabbatar da izinin zama da ita. Saura kaɗan a rufe kanta aka bar ni na wuce.

Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Washegari ya turo saƙo wai, "Ai na ɗauka ka sani." In na sani me zai kai ni wurinka? Ƙanwata ta ce in ba ta lambarsa, har yanzu ban tura ba.