Fassara biyu ta ƙorafin Baba ga banki: wacce ta riƙe maganarsa?

"Salamu alaikum jama'a. An cire wa mahaifina naira 45,000 a wajen mai POS, kuɗi ba su fito ba, ya yi ta zarya banki ba a mayar masa ba. Ya faɗi ƙorafinsa da Hausa muka rubuta. Ƙanena ya fassara shi zuwa Turanci kalma bayan kalma, wani mai shagon buga takardu kuma ya yi nasa da Turanci mai daɗi. Ga duka ukun nan, wacce za mu kai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta takardun uku, kuma shawarata ita ce kada ku kai ko ɗaya daga cikin fassarorin biyu yadda take yanzu, domin ta ƙanenka ta riƙe kalmomin Baba amma ta saki nauyinsu, ta mai shago kuwa ta yi siffar wasiƙar ofis amma ta sa wa Baba magana a baki. Zan riƙa mayar da Turancin kowacce zuwa Hausa domin a ga abin da ma'aikacin banki zai fahimta idan ya karanta.

Baba ya fara da cewa, "Don Allah a duba lamarina, na yi haƙuri har na gaji." Duk Bahaushen da ya ji dattijo ya faɗi haka ya san gargaɗi ne aka lulluɓe da ladabi, kuma ya san cewa haƙurin ya zo ƙarshe. A fassarar ƙanenka, abin da ya fito shi ne mutum yana roƙon a taimake shi saboda Allah, yana kuma bayyana cewa ya gaji, kamar mai neman a tausaya masa. Mai shago ya share jimlar gaba ɗaya, ya maye gurbinta da buɗewar nan ta takardar neman aiki, wadda mai rubutu ke ƙasƙantar da kansa yana roƙon alfarmar manaja. Hanyoyin sun bambanta amma ɓarnar ɗaya ce: haƙƙi ya koma alfarma, alhali alfarma ana iya yinta ana iya barinta. A wasiƙar ofis ta Turanci, ƙarfin magana yana fitowa ne daga bayyana buƙata kai tsaye a sakin layi na farko, wato a ce ana rubutawa ne domin neman a mayar da naira 45,000 da aka cire a rana kaza daga asusu mai lamba kaza. Ladabin Baba ba zai ɓata ba, gaisuwar farko da rufewar wasiƙar sun isa su ɗauke shi.

A wuri na biyu ƙanenka ne ya yi daidai, kuma nan ne kuskuren mai shago ya fi tayar mini da hankali. Baba cewa ya yi "an cire mini kuɗi", bai ce "kun sace" ba, bai ma ambaci wanda ya cire ba, domin bai sani ba. Ƙanenka ya bar jimlar a haka, ba tare da ɗora laifi a kan kowa ba. Mai shago, don neman wasiƙar ta yi zafi, ya rubuta cewa ma'aikatan bankin sun damfari Baba. Wannan tuhuma ce da Baba bai yi ba kuma ba shi da hujjarta, ga shi shi ne zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙasanta. Bayan haka, banki yana bambanta ƙorafin damfara da ƙorafin cirewar da ba ta kammala ba, don haka kalmar tana iya jan takardar zuwa teburin da ba nata ba, a ɓata lokaci ana binciken abin da bai faru ba. Tafinta ba shi da izinin ƙara wa zargi ko da mataki ɗaya a kan inda mai maganar ya tsaya.

Jimlar da ta fi wuya ita ce ta ƙarshe: "Ban yafe ba, Allah ya isa." Ƙanenka ya fassara ta yadda take, sai Turancin ya ce Baba bai gafarta ba, kuma Allah ya wadatar. Wanda ba Bahaushe ba zai iya ɗaukar rabin farko a matsayin fushin zuciya, rabi na biyu kuma a matsayin sallamawa, cewa mutumin ya bar wa Allah ya haƙura da kuɗin, wanda shi ne kishiyar abin da Baba ke nufi. Mai shago bai san yadda zai yi da ita ba, sai ya jefar da ita, ya rufe da godiya tun kafin a yi komai. Abin da "ban yafe ba" ke nufi a nan shi ne Baba bai janye daga haƙƙinsa ba kuma zai ci gaba da binsa, kuma hanyar faɗin haka a wasiƙar Turanci ita ce a sa wa'adi a ambaci mataki na gaba. Ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ita ce mutum ya fara kai ƙorafi bankinsa, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba sai ya ɗaga shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Wasiƙar tana iya cewa Baba yana sa ran a mayar da kuɗin cikin kwana 14, in ba haka ba zai kai maganar can. Sai dai a tambayi Baba tukuna ko ya yarda da wannan mataki, domin idan aka rubuta ba da saninsa ba, an sake yin abin da mai shago ya yi.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Baba ya ce abin ya faru "ranar kasuwa bayan La'asar", ƙanenka ya rubuta haka, ma'aikacin banki kuwa ba zai iya neman wannan a kwamfutarsa ba. Baba ya ce "na yi ta zuwa", mai shago ya mayar da shi fiye da sau goma, adadin da shi ya ƙirƙira. Ku ɗauki kwanan wata da sa'a daga saƙon alat da ya shigo wayar Baba, ku haɗa da rasidin da na'urar ta fitar idan yana nan, ku zauna da Baba ku lissafa ranakun da ya tabbatar ya je, ku rubuta su kawai.

Idan kun haɗa sabuwar wasiƙar, ku ba wani mai jin harsunan biyu wanda bai ga takardar Hausar ba, ya karanta Turancin ya faɗa wa Baba da Hausa abin da ke ciki. Idan Baba ya ji an ce yana roƙo, an sassauta maganarsa. Idan ya ce "ni ban faɗi haka ba", an yi ƙari, sai a gyara wurin kafin ya sa hannu. Ku buga kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa mai kwanan wata a kan wanda za ku riƙe, ku kuma nemi lambar ƙorafin, domin za ku buƙace ta idan maganar ta kai Babban Bankin.