Wane ma'aunin kulorin ya kamata mai tankin ruwa ya saya?

Wanda ya zuba kulorin a tanki bai gama aiki ba sai ya auna abin da ya rage a cikin ruwan, domin laka da ƙarfen da ke cikin ruwan rijiyar burtsatse suna cinye wani kaso na maganin kafin ya taɓa ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu ragowar kulorin mai aiki aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da gauraya shi, idan pH na ruwan, wato awon tsaminsa ko kanwarsa, bai kai 8 ba, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfo.

Ma'aunin da aka fi samu da araha shi ne na wuraren ninkaya, mai ruwan ɗigawa da ake kira OTO, wanda ke mayar da ruwa rawaya. Ban ba da shawarar sayensa ba, saboda yana haɗa kulorin mai aiki da wanda ya riga ya haɗu da datti ya yi rauni, don haka zai iya kwantar wa mutum da hankali alhali ruwan ba shi da kariya. Takardun tsomawa suna da sauƙi, amma danshi da zafi suna lalata su, kuma da wuya ido ya bambance 0.2 da 0.5 a jikinsu. Na'ura mai nuna lamba ta fi kowanne daidaito, sai dai tsadarta ta fi dacewa da asibiti ko makaranta.

A ganina, abin da ya dace da gida shi ne ma'aunin launi mai amfani da ƙwayar DPD No. 1. Ana cika ƙaramar kwalbarsa da ruwan famfo, a narkar da ƙwaya ɗaya, a ɗaga ta wajen haske a gwada launin ruwan hoda da ya fito da jerin launukan da ke gefe, kuma a karanta nan take, domin launin yana ƙara duhu idan ya jima. A duba ranar lalacewar ƙwayoyin kafin a biya kuɗi. Akwai tarko ɗaya: idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin yakan bayyana ya ɓace nan da nan, sai mutum ya zaci babu komai ya ƙara magani. Idan ruwan yana wari mai ƙarfi amma kwalbar ta tashi fari, a surka shi da ruwan da babu kulorin a sake gwadawa.

Ɗauki tanki mai lita 1,000. Idan za a fara da zuba miligiram 2 a kowace lita, hakan yana nufin giram 2 na kulorin, wato kusan giram 3 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari. A dama shi a bokiti, a zuba tacaccen ruwansa yayin da tankin ke cika domin ya gauraye, sannan a rufe famfo na minti 30. Idan awo ya nuna ƙasa da 0.5, a ƙara kaɗan a sake jiran minti 30 cif. Washegari a sake aunawa a famfon da ya fi nisa, domin tankin da rana ke duka saman rufi yana saurin rasa kulorinsa.