Baki haɗe ko hawa kan juna: raba launi biyu a buga riga

A ce mai shago a Gombe zai buga rubutu ja mai baƙin gefe a farar riga. Kowane launi da fim ɗinsa, wato farar leda da ake ɗauko zanen daga kanta zuwa firam ɗin raga da ake tura fenti ta cikinsa. A buga zanen baƙi ƙirin a kowane fim, da alamar daidaitawa a wuri ɗaya.

In an yanke jan ya tsaya daidai bakin baƙin, wato baki haɗe, fenti ba ya kauri, amma firam ya goce ko kaɗan, sai farin yadi ya leƙo tsakaninsu.

Ni na fi son a faɗaɗa jan da kamar rabin milimita ya shiga ƙarƙashin baƙin. A fara buga ja, ya sha iska, sannan baƙi ya rufe bakinsa. Amma rawaya da shuɗi, in suka hau juna, kore zai fito a gefen, don haka su baki haɗe ya fi.