Munaƙish ya ce risalarka ba ta da tushe: ka sallama ko ka kare?

"'Yan uwa munaƙashata, wato zaman kare risalar digirina, saura sati biyu, an ce munaƙish na waje, malamin da zai zo ya tantance ta, ba ya wasa. In ya ce asalin ra'ayina a risalar kuskure ne, in sallama kawai ko in tsaya in kare?"

Ɗan uwa kare abinka, amma ba duka ba, iya gurin da hujjarka ta kai. Tawa a nan Madina kan sharɗul jaza'i ce, wato tarar da ake rubutawa a kwangila in mutum ya saɓa lokaci, kuma na rinjayar da halasci. Dakta na waje ko gabatarwa bai bari ta huce ba ya ce wannan ai riba ce ka sa mata riga, an ƙara kuɗi saboda jinkiri, meye bambancinsa da na jahiliyya? Ɗaki ya yi tsit, mushrif ɗina, malamin da ke kula da risalata, ya duƙar da kai yana juya biro.

Ban katse shi ba, na rubuta maganarsa har ya gama. Sannan na ce Allah ya saka da alheri ya Dakta, in abin da ke wuyan mutum bashin kuɗi ne maganarku haka take, riba ce, na ma cire wannan surar a babi na biyu, na faɗi shafin. Risalata kan aiki take, ɗan kwangilar da ya yi alkawarin gama gini a wata shida ya kai shekara. Na kawo hukuncin Alƙali Shuraihu da ke Bukhari, mutumin da ya ce wa mai raƙuman haya in ban fita rana kaza ba kana da dirhami ɗari, bai fita ba aka ɗora masa. Na ƙara da matsayar Majma'ul Fiƙhi ta shekarar 2000 a Riyad, ita ma nan ta raba, ta halatta a kwangila da istisna'i, wato odar a ƙera maka abu, ta hana a bashi da sayen biya kaɗan kaɗan, kuma Nizamul Mu'amalatil Madaniyya na Saudiyya na 2023 shi ma ya cire wajibin da yake kuɗi ne. Sai ya ce to take ya fi abin da ke ciki faɗi, a ƙara ƙaidi. Na ce na karɓa, don wallahi gaskiyarsa ce, kuma gyaran take ba rushe risala ba ne.

Sallamawa kuma tana da gurinta, kuskuren nahawu, hadisin da ba ka yi tahrijinsa daidai ba, nan ka ce za a gyara ka wuce. Amma ka sallama a kan tarjihinka, wato ra'ayin da ka rinjayar, tambaya ta gaba ita ce to me ya rage a shafi ɗari uku?

Sannan ka kiyayi masu tallan hidimar ɗalibai a guruf guruf, masu cewa za su haɗa maka tambayoyin munaƙasha da amsa kan riyal kaza. Wasu lambar matsaya da shafin da babu su za su cusa maka, munaƙish kuwa da littafin yake zuwa. Ka zauna da mushrif ɗinka ya kawo maka suka mafi zafi guda uku, ka liƙa takarda a shafin da ka amsa kowacce.