Matatar ruwa mai kofi da na ƙara wa motata: abin da na gani bayan damina guda

Ina da Hilux mai shan gas, injin 2KD, da ita nake kwaso shinkafa shanshera daga fadamun Auyo zuwa Haɗeja, wani lokaci har Gujungu. Bara a watan Agusta na sayi wata matatar gas ta ƙari, irin mai kofi garai-garai a ƙasa wanda ake hango abin da ya taru a ciki, aka ɗaura mini ita kafin matatar da motar ta zo da ita. Yanzu ta shekara a jiki, ta ga damina ta ga hunturu, don haka ina da abin faɗa a kanta. Amma sai na fara da abin da ya kai ni sayenta, domin ba don sha'awa na saya ba, asara ce ta kora ni.

Wata rana ina dawowa da kaya, sai wata fitila a dashbod ta fara ƙyaftawa, wani ɗan ƙara yana biye da ita. Fitilar mai siffar matatar mai ce. Motar kuwa lafiyarta lau, tana ja kamar kullum. Na tsaya wajen wani yaro mai gyaran waya a bakin hanya, ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai waya ce ta jiƙe, damina ce." Ya zare soket ɗin da ke ƙasan matatar, fitila ta mutu, na ba shi na goro na tafi ina murna. Gaskiyar magana ruwan yana nan a inda yake. Bakin mai faɗa mini kawai aka toshe.

Bayan kamar mako uku motar ta fara wuyar tashi da asuba. In ta tashi sai ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido, sai ta yi zafi sannan ta ɗan daidaita. Daga baya ƙarar injin ta canza, ta koma kamar ana buga ƙarfe da guduma ƙarama, kuma in na ɗora buhu goma sha biyar sai ƙarfinta ya tsinke. Na lallaɓa da ita Kano wajen wani dattijo mai aikin injekta da famfon gas. Da ya kwance matatar ya juye a kwalba, kusan rabin abin da ya fito ruwa ne ja mai tsatsa. Ya ɗora injektocin nan huɗu a kan injin gwaji: biyu suna ɗiga maimakon feshi, ɗaya tana mayar da gas baya fiye da ƙima, ɗaya ce kawai da sauran rai.

Shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau nake gode masa. Ya ce, "Alhaji, gas ba wuta kawai yake bayarwa ba, shi ne man shafawar famfo da injekta." A irin wannan injin na zamani, famfo yana matse gas har ƙarfinsa ya ninka iskar da ke cikin taya fiye da sau 500, sannan injekta ta fesa shi ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. Allurar da ke hawa da sauka a cikin injektar, tsakaninta da gidanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba. Abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a wannan ƙuncin shi ne santsin gas, ruwa kuma ba shi da wannan santsin. In ya shiga, allurar tana gogar gidanta a bushe. In an kashe mota ya kwana a ciki, tsatsa ta kama, washegari ɓurɓushin tsatsar ya bi layi ya ƙara karce abin da ya saura. Wanda ya kai bakin injekta kuwa, inda zafi ya fi yawa, yana komawa tururi nan take, yana iya tsaga bakin. Kuma injektar da ke ɗiga gas a wuri ɗaya a kan fistin, in aka ci gaba da tafiya da ita, tana iya huda fistin ɗin. Allah Ya taimake ni ban kai nan ba.

Na canza injekta uku, aka shigar da lambobinsu a kwamfutar motar, aka sauke tanki aka wanke, aka mayar da soket ɗin da yaron nan ya zare. Kuɗin da na kashe ya sayi irin matatar da nake magana a kai fiye da goma.

A ranar dattijon ya koya mini zubar da ruwan matatar asali, aikin da bai kai minti biyar ba. Sirrin abin shi ne ruwa ya fi gas nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gas kuwa ba ta kai gram 850 ba galibi, don haka ruwa yana kwantawa a gindin matatar. A gindin akwai wani ɗan abu da ke nutsewa a gas amma yana tasowa a kan ruwa. Idan ruwan ya taru ya ɗaga shi, shi ne fitilar take ƙyaftawa. A wannan motar, ƙyaftawa tana nufin ruwa. Idan kuwa ta kama ɗif ba ta ƙyaftawa, to matatar ce ta toshe ko layin man yana da matsala, zubar da ruwa ba zai kashe ta ba.

Ga yadda nake yi. Ina samun wuri mai lebur in kashe injin. In yanke gorar ruwa ta roba, busasshiya, in tara a ƙarƙashin matatar. A gindinta akwai marfin zubarwa na roba, ina murɗa shi hagu da hannu sau biyu zuwa biyu da rabi, ba na wuce haka, domin in an kwance da yawa sai ya riƙa tsiyaya ta gefe ya ɓata wuri. Sannan in riƙa danna famfon hannu da ke saman matatar. Ruwa ne ke fara fitowa, sai gauraye mai kama da kunun kanwa, sai gas tsantsa. Da na ga tsantsar sai in mayar da marfin in ɗaure da hannu kawai. Kada a sa masa filaya, roba ce, in ta tsage iska za ta riƙa shiga mota ta ƙi tashi. Sai in ƙara danna famfon har ya yi tauri, in tayar da injin, in duba ko akwai yoyo. Gorar nan ina ajiye ta minti kaɗan ta lafa, layin da ya raba ruwa da gas shi ke gaya mini irin man da na sha. Ba na zubar da ita kusa da gona ko magudanar ruwa.

To, matatar ƙarin. A Ƙofar Ruwa na saye ta bisa shawarar dattijon, mai tace datti na maikuron 30, wato ta fi ta asali faɗin ido, aikinta ta tare manyan datti da ruwa tun kafin su isa waccan. Abin da ya fi burge ni shi ne kofin. Da can sai fitila ta yi magana nake sanin akwai ruwa, lokacin kuwa ya riga ya taru. Yanzu kowace safiya in na buɗe bonet don duba ruwan lagireto, ina haska kofin da fitilar waya. Ranar da na sayi jarka biyu wajen masu bumburutu a wani ƙauye, saboda gas ya yanke mini da kaya a baya, washegari na tarar da ruwa kaurin yatsa biyu kwance a gindin kofin. Na zubar, na yi tafiyar kilomita ashirin, na sake tarar da kaurin yatsa ɗaya. Sau huɗu na zubar kafin ya ƙare. Fitilar dashbod ko sau ɗaya ba ta ƙyafta ba, kuma da na kwance ta asalin don in tabbatar, ɗigo kaɗan na samu. A nan na san kuɗina bai tafi a banza ba.

Ban ce masu jarkar da gangan suka yi ba. Na ga duron da suke ɗiba, a tsaye yake a fili, ruwan sama kwance a kan marfinsa. Duro in rana ta buge shi yana fitar da iska, in dare ya yi ya huce sai ya zuƙo, kuma abin da ke kwance a bakin marfin shi yake zuƙowa. Tankin mota ma haka, in ana kwana da shi kusan wayam a damina, raɓa tana taruwa a jikinsa ta ciki. Shi ya sa yanzu nake cika tanki da yamma in hali ya yi.

Inda ban ji daɗinta ba shi ne makon farko. Wanda ya ɗaura ta bai matse maɗaurin tiyo ɗaya sosai ba, ba ya yoyon gas amma yana zuƙar iska, mota ta koma wuyar tashi har hankalina ya tashi na zaci injektocin ne kuma. Duk mahaɗar da aka ƙara a layin mai, ƙofa ce aka ƙara wa iska, don haka a sa maɗauri mai sukuru, a bi kibiyar shiga da fita da ke jikinta, a kuma nisanta ta da bututun hayaƙi tunda kofin roba ne. Kofin kansa ƙurar hunturu tana lulluɓe shi, sai an goge ake gani, kuma bayan shekara ya fara yin rawaya. Ba ta da fitilarta, wanda ba zai riƙa buɗe bonet ba, ba abin da za ta ƙara masa illa jinkiri. Sannan ruwan da ya gauraya da gas har ya yi dishi-dishi kamar an zuba madara, ba duka take kamawa ba. In na ga gas a kofin ya yi wannan kalar, ba zubarwa zan tsaya yi ba, tanki zan sauke. Zuciyar matatar kuma tana da jabu a kasuwa, na taɓa samun wadda takardarta ta saki a wata biyu.

Ƙanena yana tuƙa tarakta a Ringim, ya zo ya ga kofin ya ce, "Yaya, in sa irin wannan in cire ta asalin mana?" Na ce a'a. Ta asalin ce mai ƙananan ido da ke tare dattin da ke kashe injekta, ita ce kuma mai fitila. Wannan taimaka mata take yi. Ya sayi tasa kafin saukar ruwan bana, kuma a makon farko na Yuli ya turo mini hoton gora, rabinta ruwa.