Sharhi: aikin mai jirgi marar matuƙi da ya ɗaukar mini bidiyon gida

Gidan da na sa a kasuwa bene ne mai hawa ɗaya, a kan fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, ƙofarsa na kallon yamma. Hotunan waya sun kasa nuna girman harabar da yadda hanya ta iso bakin ƙofa, shi ya sa na ɗauko mai ɗaukar bidiyo da jirgi marar matuƙi. Na gamsu da aikinsa ƙwarai, ban da abu ɗaya da zan faɗa a gaba, kuma abin da ya fi burge ni ya faru ne tun jirgin bai bar ƙasa ba.

Ya zo kwana ɗaya kafin ɗauka, ba jirgi a hannunsa, sai takarda da biro. Muka zagaya gidan a ƙafa, yana ɗaga kai yana rubutu. Ya ƙiyasta tsayin rufin mita 9, babbar bishiyar bayan gida kuma wajen mita 18. Ya daɗe a tsaye a ƙarƙashin wayar lantarkin da ta ratso daga turke zuwa kusurwar gidan, har ya zana ta da jan layi. Ya ce na'urorin da ke hana jirgi karo suna ganin bango da kututture, amma siririyar waya da busassun rassa kan kuɓuce musu, don haka idon mutum ne maganinsu. Sannan ya duba taswira a wayarsa, ya tabbatar ba mu cikin yankin filin jirgin sama ko wani wurin da aka hana tashi.

Ni da na zo da burina, na ce ina so ya cilla shi sama sosai a ga unguwa gaba ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, gida za ka sayar, ba taswira ba." Ya yi mini bayanin cewa a Turai da Birtaniya iyakar tashi mita 120 ce daga ƙasa, a Amurka ƙafa 400, kusan abu ɗaya ke nan, kuma kowace ƙasa da hukumarta da ya kamata a duba dokarta. Amma wannan iyaka ce ta kauce wa manyan jirage, ba tsayin da ake nema don hoto ya yi kyau ba. Daga can gidan zai koma kamar akwatin ashana, mai saye ba zai ga taga ko baranda ba.

Tsayi uku ya tsara, kuma nan ne na ga gwaninta. Na farko mita 3 zuwa 4, ɗan sama da katanga: jirgin ya taso daga bakin ƙofa a hankali, kamar baƙo mai shigowa, yana tafiyar da ba ta wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba. Na biyu mita 15, kyamara ta ɗan sunkuya, inda ake ganin fuskar gidan da rufin da harabar a tare. A wannan tsayin gidan ya fi kyau nesa ba kusa ba, domin bango bai ɓace ba, kuma an ga zurfin filin. Na uku shi ne kallon tsaye daga sama, kuma ba da ka ya zaɓi tsayin ba. Kyamarar jirginsa, idan ta kalli ƙasa, faɗin abin da take kamawa ya kusa ninki ɗaya da rabi na tsayin da take. A mita 30 ke nan tana ɗaukar fiye da mita 40 ta gefe ɗaya, wajen mita 24 ta ɗaya gefen. Filina mai 30 da 20 ya shige ciki daidai, har da ragowar da ta nuna titi. Bai wuce mita 40 ba duk ranar.

Zagayen gidan ma sai da ya yi masa lissafi. Da a ce ya kewaye shi duka daga nisan mita 25, tafiyar za ta kai mita 157, wato fiye da minti ɗaya a gudun mita 2 cikin daƙiƙa, kuma babu mai kallon da zai jure wannan. Sai ya ɗauki kwata kawai, daƙiƙa 20, daga kusurwar kudu maso yamma zuwa ta arewa maso yamma. Wannan ya raba shi da bishiyar da ke baya, kuma jirgin bai taɓa ɓuya masa a bayan gini ba. Ya nanata cewa dole matuƙi ya riƙa ganin jirginsa da idonsa, ba ta allo kaɗai ba, musamman a zagaye, inda jirgin ke tafiya a kaikaice alhali kyamara na kallon wani wajen. Yaron aikinsa ya tsaya a bakin titi, idan mota ko mai tafiya ya doso sai ya ɗaga hannu, a dakata har ya wuce.

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma muka fara, tunda ƙofar yamma take kallo. Da safe rana na bayan gidan, fuskarsa za ta yi duhu, kyamara kuma ta sha haske. Sau ɗaya inuwar jirgin ta faɗo a kan bango, ya gani a allo, ya matsa gefe kaɗan ya sake.

Akwai saitin da ya nuna mini wanda ban taɓa sanin da shi ba, ana kiransa Return to Home. Idan sadarwa ta yanke, jirgin kan hau zuwa tsayin da aka sa masa ya dawo inda ya tashi. Ya sa mita 35, don ya haye bishiyar nan da tazara mai yawa. Ya kuma ja hankalina cewa tsayin da allo ke nunawa daga wurin tashi ake auna shi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin ba, saboda haka a fili mai tudu lambar na iya yaudarar mutum. Batir kuwa, da ya sauko kashi 30 cikin ɗari yake saukar da jirgin ya canja, kuma uku ya zo da su don bidiyon da bai kai minti biyu ba.

Inda ya gaza shi ne maƙwabta. Duk tsarin nan bai tuna ya ce mu sanar da su ba, ni ma ban yi tunanin haka ba. A ɗaukar mita 15 ɗin, da jirgin ya kai kusurwar arewa, tsakar gidan maƙwabcina ta shigo hoto sarai, da shanya da yara suna wasa. Ƙarar jirgin ce ta fito da shi, ransa a ɓace, kuma gaskiyarsa ce. Na ji nauyin abin sosai. Na ba shi haƙuri, muka nuna masa abin da aka ɗauka, aka goge shi a gabansa. Matuƙin ya sake ɗaukar a mita 10, ya juya hanyar yadda bayan kyamara zai kalli gidan maƙwabcin, ya tsayar da zagayen kafin kusurwar. Ya kamata a ce tun ranar zagayen ƙafa ya tsaya a kowace kusurwa ya tambayi kansa me kyamara za ta hango a hayin katanga, kamar yadda ya yi wa waya da bishiya.

Bayan kwana uku ya turo bidiyon, daƙiƙa 90, ɗaukar sama shida a ciki, sauran na cikin ɗakuna ne da kyamarar hannu. Mutum na farko da ya zo duba gidan ya wuce kai tsaye zuwa bayan fili, ya ce a bidiyon ya ga akwai wurin da zai ishe shi ƙara ɗaki, yana so ya auna da ƙafarsa. Idan wani gidan ya shigo hannuna shi zan sake kira, amma ni zan fara ƙwanƙwasa ƙofofin da ke kewaye tun ana gobe.