Na ci jarrabawar CLTD, amma ba zan tura kowa cibiyar da ta koyar da ni ba

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci a nan Kumasi, wajen Kaase, kuma yara masu loda kaya da masu rubuta shiga da fita duk a ƙarƙashina suke. Duk lokacin da kujerar manaja ta zama ba kowa, sai a ɗauko wani daga waje mai takarda a ɗora mini shi, ni kuma na nuna masa inda komai yake. Wannan ne ya sa na nemi shahada, kuma tunda abokan aiki daga Asawase da Aboabo suna ta tambayata ko kuɗin ya biya, gara na rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Abin da na yi shi ne CLTD, shahadar ƙungiyar ASCM ta Amurka wadda a da aka fi sani da APICS, kan sufuri da ajiyar kaya da rarraba su. Ita jarrabawar ba ni da ƙorafi a kanta. Tambayoyi 150 ne na zaɓi cikin awa uku da rabi, a kwamfuta, ta hannun kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE. Makin yana tsakanin 200 da 350, ana ci da 300. Damuwata tana kan cibiyar da na biya ta shirya ni, wadda ba zan ambaci sunanta ba.

A shekarar 2022 na shiga. A takardar tallarsu sun rubuta kuɗi ɗaya, kuma da na tambayi mai karɓar kuɗin ko da jarrabawa a ciki, cewa ta yi, "Yaya, kar ka damu, komai za mu yi maka." Sai da karatu ya yi nisa aka sanar da mu cewa abin da muka biya na zaman aji ne kawai. Littattafan ƙungiyar daban, kuɗin jarrabawa daban, kuma dukkansu da dala ake biya. Wanda ke Ghana a lokacin ya san abin da nake nufi. Sidin da ya fara shekarar a wajen 6 kan dala ɗaya ya haura 14 a watan Nuwamba. Kuɗin da na ware don gyaran ɗakin mahaifiyata shi na kwashe, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin da sun faɗi gaskiya tun ranar farko da na sayi dalar kafin ta tashi.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo ranar rufe aji. Aka raba mana takarda mai kauri da hatimin zinariya, ana ɗaukar hoto ana tafi. Takardar shaida ce kawai cewa mun halarci aji, cibiyar ce ta buga abinta. Wasu daga cikin abokan karatuna sun ɗauka shahadar ke nan, har wani ya saka haruffan bayan sunansa a takardar neman aiki. Ba wanda ya tsaya ya fayyace musu. Don haka duk wanda zai shiga irin wannan aji, ya tambaya tun kafin ya biya ko sisi: shin za a yi mini rajista da sunana a shafin ƙungiyar kanta, na ga lambata da idona? A ina zan zauna jarrabawar, kuma wa zai ba da sakamako? Idan cibiyar ce za ta shirya tambayoyin, ta duba, ta kuma buga takardar, to ba shahadar ƙungiya kake saye ba. Ƙungiyoyin nan suna saka sunayen cibiyoyin da suka amince da su a shafukansu, dubawa ba ta cin minti goma.

Da a nan na tsaya, da na ce asara na yi. Amma wani babi guda a cikin littattafan, wanda malamin ya wuce shi a guje, shi ya sauya mini aiki, kuma a kansa nake so na daɗe.

Muna shigo da tumatirin gwangwani ta tashar Tema. A rana muna fitar da katan kusan 200, kuma daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da tirela ta sauke a sitonmu, yawanci kwana 50 ne. Tsarin da na tarar kuma na bi shekara da shekaru mai sauƙi ne: 200 sau 50, wato idan kaya ya sauko zuwa katan 10,000 sai a sake oda. A takarda lissafin daidai yake. A zahiri kuwa kaya yana yanke mana a kai a kai, dillalai daga Kejetia su zo su koma hannu wofi, kuma ni ake kira ofis a tambaye ni dalili.

Littafin ne ya nuna mini cewa kwana 50 ɗin matsakaici ne kawai, kuma wanda ya gina odarsa a kan matsakaici, kusan rabin lokaci kayansa zai ƙare kafin sabo ya iso. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda kwanakin suke yawo sama da ƙasa. Na kwaso takardun kwantenonin shekara biyu na zuba a Excel: ranar oda, ranar da jirgi ya iso, ranar da kwastam suka saki kaya, ranar saukewa a Kumasi. Wata ta zo a kwana 43, wata sai 62. Da na sa `STDEV.S` a kan jerin kwanakin, ya ba ni kusan 6. Idan kana so a cikin oda 100 guda 95 su iso kafin kaya ya yanke, ana ninka wannan da 1.65, sannan da abin da ake sayarwa a rana.

```
1.65 × 6 × 200 = 1,980
10,000 + 1,980 = 11,980
```

Wato katan kusan 2,000 za mu ajiye na ko-ta-kwana, kuma a ba da oda a wajen 12,000 maimakon 10,000. Akwai wani abu da mutane ke kuskurewa a nan. Wannan 12,000 ba abin da ke jibge a sito kaɗai ba ne. Ana haɗa abin da ke ƙasa da abin da aka riga aka yi oda yana kan hanya, a cire wanda aka sayar ba a ɗauka ba tukuna. Wanda ya ƙirga na ƙasa kawai zai riƙa oda a kan oda har sito ya cika.

Da na kai wa mai kamfanin, bai yi murna nan take ba. Ya ce, "Ɗana, kana so na kwantar da kuɗina a gwangwani?" Na ce masa, "Alhaji, bari mu lissafa." Idan katan ɗaya ya tsaya mana a sidi 250, katan 1,980 ya kama sidi 495,000. Idan muka ɗauka ajiye kaya yana cin kashi 25 cikin ɗari na darajarsa a shekara, da hayar wuri da inshora da wanda ya lotse da kuɗin da ya kwanta ba ya juyawa, to kusan sidi 124,000 ne a shekara. A ɗaya gefen na ajiye masa kwanakin da muka zauna ba tumatir, kowace rana katan 200 da ba mu sayar ba, da dillalan da suka koma wajen wasu ba su dawo ba. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce a gwada da wannan kaya ɗaya tukuna.

Lissafin yana da iyaka, kuma na gani da idona. Ya ɗauka cewa ciniki ba ya sauyawa, alhali kafin azumi da watan Disamba katan 200 ɗin nan yana iya zama 300, don haka dole a sake lissafi kafin waɗannan lokuta, ba a cikinsu ba. Na biyu, idan littafin ƙidayar sito ya ce 12,000 amma abin da ke ƙasa 11,300 ne, komai ya rushe. Shi ya sa muka bar jiran ƙidayar ƙarshen shekara. Kayan da suka fi cin kuɗi, waɗanda ba su da yawa, muna ƙirga su duk mako, na tsakiya duk wata, sauran kuma duk wata uku. Idan aka ga bambanci ana bin takardun shiga da fita a ranar, tun mai lodin bai manta ba.

Wannan aikin na ɗauka zuwa gaban masu tantancewa lokacin da kujerar mataimakin manaja ta buɗe, kuma na samu. Sai dai a wurin ma ɓacin raina ya dawo. Shugabar ma'aikata ta kalli takardata ta ce, "Malam, wannan ba CILT ba ce?" Sai da na yi bayani. A Ghana, idan ka duba tallan guraben aiki, CILT da CIPS ne suka fi fitowa. CILT tsohuwar ƙungiya ce ta masu sufuri da jigilar kaya tun 1919, tana da reshe a ƙasar nan, kuma karatunta hawa-hawa ne daga satifiket zuwa difloma zuwa babbar difloma. CIPS kuwa ta masu sayayya ce, ita ta fi dacewa da wanda ke son ofishin saye, musamman na gwamnati inda ake aiki da dokar saye ta 2003, Act 663. Cibiyar da ta karɓi kuɗina ta san wannan sarai. Ba wanda ya tambaye ni wace kujera nake nema ko a wane irin kamfani, abin da suke da aji a kansa shi suka sayar mini. Wanda ke harin kamfanin ƙasa da ƙasa a Tema, CLTD za ta yi masa magana. Wanda yake kamfanin gida irin nawa, ya fara tambayar ofishin ma'aikatansu wace takarda suke ƙirgawa wajen ƙarin girma.

Kuma kar ka sa ran shahadar duniya za ta koya maka ICUMS, tsarin da kwastam ɗinmu ke aiki da shi tun 2020, ko yadda kuɗin jinkirin kwantena ke hauhawa a tasha. Waɗannan wajen wakilinmu mai fitar da kaya na koye su, ina zaune kusa da shi. Sannan shahadar ba ta har abada ba ce, duk shekara biyar sai ka tara maki 75 na ƙarin ilimi ka sabunta ta, da ɗan kuɗinta, shi ma da dala. Wannan ma a shafin ƙungiyar na karanta, cibiyar ba ta taɓa ambata ba.

Ƙanina da ke aiki a wani sito a Tafo ya ce zai bi sahuna. Na ce masa idan CLTD yake so, ya sayi littattafan kai tsaye, na zauna da shi ranakun Lahadi, kuɗin ajin kuma ya ajiye na jarrabawa.